Yadda na sake rubuta hanyar Hummers a babi na biyu na kundina

Ranar da Malam ya dawo mini da babi na biyu, bai ce komai ba da farko. Ya buɗe shafi na goma sha huɗu, ya ɗora yatsa a kan wani sakin layi, ya ce, "Karanta min wannan da ƙarfi." Na karanta. Bayanin yadda ake haɗa girafin oksaid ne, wato siraran shimfiɗun girafait da aka cusa wa oksijin, ta hanyar Hummers, tun daga zuba asid har zuwa wanke abin da aka samu. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "To, a cikin duk wannan, ina naka?" Na nuna masa sunan Hummers da shekarar 1958 da na saka a ƙarshe. Ya girgiza kai. "Ka faɗa mana mai ilimin. Jimlolin fa, na wa ne?"

Gaskiya jimlolin ba nawa ba ne. Daga wata muƙala ta kwanan nan na ɗauko su kusan yadda suke, ina ganin tunda na ambaci madogara ai na fita haƙƙi. A wurin na gane cewa ambaton suna yana biyan bashin ilimi ne kawai. Idan kalmomin ma na wani ne, to sai an sa su cikin alamar zance, kuma a fannin kimiyyar sinadarai ba a saba ɗauko sakin layi guda na hanyar haɗa sinadari a sa shi cikin alamar zance ba. Dole dai in rubuta da kaina.

Gyaran farko da na yi ya fi laifin muni. Na zauna da dare ina cire kalma ina sa 'yar'uwarta, don Turnitin, manhajar da ke gano rubutun da ya yi kama da na wani, ta daina yi wa wurin ja. Ta kuwa rage. Amma inda asalin ya ce asid wanda ba a tsarma ba, ni na rubuta asid mai ƙarfi, alhali duk ɗan aji ɗaya ya san ba abu ɗaya ba ne: asid mai ƙarfi yana nan mai ƙarfi ko da an cika shi da ruwa. Inda aka ce a riƙe zafi ƙasa da digiri 20, na mayar da shi "kimanin digiri 20". Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin idan KMnO4 ya haɗu da H2SO4 da ba a tsarma ba yana samar da Mn2O7, wanda ke iya fashewa in ya yi zafi. Wancan "ƙasa da" iyaka ce ta tsaron rai, ni kuwa na ɗauke ta ado. Ƙashin bayan jimlolin kuma yana nan yadda mai shi ya gina shi, na dai sauya masa riga. Malam ya gano a kallo ɗaya.

Sai ya tambaye ni ko na taɓa karanta muƙalar Hummers ɗin kanta. Na yi shiru, shirun ya ba shi amsa.

Na nemo ta. William Hummers da Richard Offeman ne suka buga ta a 1958 a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, kuma shafi ɗaya ce tak. Sun haɗa giram 100 na garin girafait da giram 50 na NaNO3 a cikin lita 2.3 na H2SO4, suka sanyaya a ƙanƙara, suka riƙa zuba giram 300 na KMnO4 a hankali ba tare da zafi ya wuce digiri 20 ba. Daga nan suka bar shi a wajen digiri 35 na minti 30, suka zuba ruwa lita 4.6, zafi ya tashi zuwa digiri 98, suka riƙe shi a haka na minti 15, suka ƙara ruwa, sannan suka kashe ragowar KMnO4 da H2O2 mai kashi 3 cikin ɗari. Da na ɗora wannan kusa da abin da na rubuta, sai gumi ya keto mini. A nawa akwai H2O2 mai kashi 30, akwai wankewa da HCl, akwai girgiza ruwan da na'urar sauti mai ƙarfi don ɓare shimfiɗun. Ko ɗaya babu a muƙalar 1958. Kai, su abin da suka ce sun haɗa ma oksaid ɗin girafait ne, ba girafin oksaid ba. Ashe laifina biyu ne: na kwafi jimlolin wani ban ambace shi ba, kuma na jingina wa Hummers aikin da bai yi ba. Marubutan kwanan nan kan rubuta cewa sun bi "gyararriyar hanyar Hummers", su ambaci 1958, mu kuma ɗalibai mu kwashe lambar madogarar mu wuce.

Abin da ya fitar da ni shi ne na daina rubutu daga muƙala, na koma rubutu daga takardar da na cike da hannuna. Na ja layuka a littafina: wa ya yi, wace shekara, wane asid, nawa ne KMnO4, zafi nawa, tsawon wane lokaci, da me aka kashe, me suka ce sun samu. A kowane gurbi lamba ce ko sunan sinadari, babu jimla ko ɗaya, kuma a gefe ina rubuta shafin da na gani. Na yi wa Hummers, na yi wa Marcano da abokan aikinsa na ɗakin binciken James Tour a Jami'ar Rice, waɗanda suka buga tasu ingantacciyar hanyar a mujallar ACS Nano a 2010. Su sun cire NaNO3 gaba ɗaya, suka yi amfani da mililita 360 na H2SO4 da mililita 40 na H3PO4, wato tara bisa ɗaya, a kan giram 3 na girafait da giram 18 na KMnO4, suka dama a digiri 50 na awa 12, suka juye a kan ƙanƙara da ɗan H2O2.

Da na rufe muƙalun biyu na dubi takardata, sai na ga abin da ban taɓa gani ba duk lokacin da nake kwafi. Giram 100 da giram 3 ba su kwatantuwa sai an mayar da su ma'auni ɗaya. Na raba: a kowane giram ɗaya na girafait, Hummers ya sa giram 3 na KMnO4, Marcano ya sa 6. Hummers ya sa asid mililita 23, Marcano kusan 133. Minti 30 a can, awa 12 a nan. Nan take sakin layin ya samu abin faɗa. A Hausance, ga kusan abin da na rubuta: hanyar 2010 ta bambanta da ta 1958 ta wajen cire NaNO3, wanda shi ne tushen iskar NO2 mai guba, da ninka KMnO4 sau biyu a kan kowane giram na girafait, da ƙara H3PO4 a cikin asid, abin da hakan ya ci kuwa shi ne asid da ya haura ninki biyar da lokacin da ya tashi daga rabin awa zuwa rabin yini. Kowace lamba da madogararta a jikinta. A ƙarƙashin jadawalin kuma na rubuta cewa ni na lissafa adadin kowane giram daga alƙaluman da marubutan suka bayar, don kada wani ya je neman 133 a muƙalar Marcano ya rasa ya ce na ƙirƙira.

Babu inda na canza lamba ko sunan sinadari, kuma ba a so a canza. Digiri 98 digiri 98 ne a bakin kowa. Abin da ya zama nawa shi ne zaɓin abin da zan ambata, da jerin da na bi, da kwatancin. Na bar matakai da yawa ban kawo ba, kamar yadda ake tacewa da busarwa, domin babin bitar ayyukan da suka gabata ba littafin girki ba ne. Wanda ke son haɗa abin zai bi madogarar ya je can. A babi na uku ne mutum ke faɗar abin da ya yi da hannunsa, da ainihin giram ɗin da ya auna, ya ce ya bi hanyar wane tare da sauye-sauye kaza, ya lissafa sauye-sauyen. Na ga abokai sun kwafi adadin muƙala zuwa babi na uku alhali a ɗakin gwaji kashi ɗaya cikin uku suka haɗa saboda tsadar sinadarai. Wannan ya wuce satar fasaha, ya zama rahoton ƙarya.

Akwai wani tarko da na kusa sake faɗawa, a wajen sakamakon awo. Ina so in nuna yadda tazarar da ke tsakanin shimfiɗu ke buɗewa idan an cusa oksijin. A girafait tazarar kimanin nanomita 0.34 ce, wanda ke fitowa a kusurwar wajen digiri 26.5 a XRD, wato awon tazara da hasken X-ray, irin wanda aka saba samarwa daga tagulla. A muƙalar 2010 an ba da 0.95 ga sabuwar hanya, 0.80 kuma ga abin da aka haɗa ta hanyar Hummers. Na rubuta 0.80 na liƙa masa Hummers, 1958. Ina sake dubawa sai na tsaya: wa ya auna? Marcano da abokansa ne suka haɗa samfurin ta hanyar Hummers a ɗakinsu, suka auna don kwatanci. Saboda haka hanyar ta Hummers ce, lambar ta Marcano ce, kuma jimlar sai ta faɗi duka biyun. Su kuma da angistirom suka rubuta, 9.5 da 8.0, ni na mayar nanomita, don haka na ambaci hakan a ƙasan jadawali. Tun daga nan, duk lambar da zan sa sai na tambayi kaina a ɗakin gwajin wa aka haife ta. In kuma na nemi asalin muƙala na kasa samu, nakan rubuta a fili cewa ta hannun wane na samu. Haka na yi da hanyoyin da suka riga ta Hummers, wato aikin Brodie na 1859 da na Staudenmaier na 1898, wanda ma da Jamusanci yake. A wata muƙalar bita na karanta labarinsu, kuma haka na faɗa.

Hoton zanen XRD ɗin da na yanko daga muƙalar kuwa, cire shi na yi. Sake buga hoton wani yana buƙatar izinin mawallafi in kundin zai shiga ma'adanar jami'a da kowa ke iya buɗewa, kuma ko an sake zana shi sai an rubuta cewa daga wane aka sarrafo. Lambobi biyu kawai nake buƙata daga cikinsa, sun kuma riga sun shiga jadawali.

Da aka sake sa babin a Turnitin, har yanzu akwai ja a wasu wurare. Hankalina ya tashi, na kai wa Malam. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya: sunayen sinadarai, taken muƙalu a jerin manazarta, da gajerun maganganu irin "an sanyaya a ƙanƙara" da ba su da wata hanyar faɗa. Ya ce in bar su yadda suke, kada in kuskura in taɓa. Sannan ya koma kan sakin layin kwatancin, ya karanta sau biyu, ya zagaye 133 da jan biro.

"Wannan lissafinka ne?"

Na ce, "Nawa ne, Malam. 400 a raba da 3."

Ya ce, "To ka rubuta a fili cewa har da H3PO4 a ciki. In H2SO4 kaɗai ne, 120 ne, kuma mai jarrabawa na waje zai tambaye ka." Na gyara a wurin, a kan teburinsa, ya juya zuwa shafi na gaba.