Taya Ba Tare da Kafin Alƙalami Ba

Ina aikin akanta a wani kamfanin fiton kaya da ke Apapa a Legas, ina kuma zaune a gidan yayana a Agege. A shekarata ta farko a wurin akwai wani abokin aiki, Bahaushe ɗan uwana, mutum mai natsuwa da kamun kai, wanda ya ɗauki kusan wata takwas yana gayyata ta fita, amma ko sau ɗaya bai taɓa gayyata ta ni kaɗai ba. Yau a ce za a je cin tsire a Obalende bayan an tashi aiki, gobe a ce akwai walimar suna a Idi-Araba, wata Asabar ɗin kuma a haɗu a je bakin teku a Lekki, kuma kullum mu biyar ne ko shida. Shi ne yake fara sanar da ni kafin ya rubuta a rukunin WhatsApp na Hausawan ofis, shi ne yake tambaya ko na isa gida lafiya, kuma idan na ce ba zan samu zuwa ba sai a ga fitar ta wargaje. Duk wanda ya lura da wannan zai ce akwai magana a ƙasa, ni ma haka na ɗauka, sai dai maganar ta ƙi fitowa.

Da yake sana'ata lissafi ce, wata rana da dare na zauna na bi saƙonninmu na ƙirga, sai na samu gayyata 14. A cikinsu babu wadda ya sanya mata rana saboda ni, babu wadda ta kawo shi unguwarmu, babu kuma wadda wani a gidanmu ya san daga wurinsa ta fito. A ofis muna da irin wannan abokin ciniki, wanda yake aiko da neman farashin fiton kwantena duk wata, ya yaba aikinmu, ya yi ciniki har ya taya, amma bai taɓa ajiye kafin alƙalami ba. Shugabar sashenmu ta koya mini tun makon farko cewa irin wannan mutum ba ya shiga littafin kuɗin da ake sa ran shigowarsu, komai daɗin bakinsa, domin taya ba ta ɗora wa mai ita nauyin komai, yana iya juyawa ya tafi ba tare da ya yi asarar ko kwabo ba. A daren nan na gane cewa gayyatar taro ita ma haka take. Mai yin ta yana samun ganinki da hirarki, amma idan aka tambaye shi me ke tsakaninku zai iya cewa babu komai, kuma ba a isa a ce ya yi ƙarya ba.

Kuskurena na farko shi ne na auna al'amarin da ma'aunin abokan aikina da ba Hausawa ba. Wata daga cikinsu, wadda nake girmama hankalinta, ta ce mini duk namijin da bai taɓa neman ya zauna da ke ke kaɗai ba, to ba ya son ki. Wannan hukunci yana iya yin daidai a wurinta, amma a wurinmu bai tsaya da ƙafarsa ba, domin mun taso da sanin hadisin da ya hana namiji keɓancewa da macen da ba muharramarsa ba, kuma saurayi mai kiyaye addininsa yana iya son mace matuƙar so, ya kuma ƙi yarda su kaɗaita a mota ko a ɗaki. Ga kuma kunya, ga tsoron bakin mutane. Hausawan Legas suna da yawa, amma a wurin aiki ɗaya ko masallaci ɗaya ba su da yawa, kuma idan aka ga mutum biyu a gidan abinci a Ikeja ranar Asabar, kafin sallar Juma'a mai zuwa labarin ya isa Agege, wataƙila ma ya wuce har Kano. Namijin da ya guji jawo wa mace irin wannan surutu ya yi mata mutunci, bai kamata a lissafa masa shi a matsayin laifi ba.

Akwai kuma dalilin da garin da kansa yake haifarwa. Wanda ya san hanyar Apapa zuwa Oshodi, da yadda tankoki da tireloli suke toshe ta, ya san cewa ma'aikaci yana iya barin gida kafin gari ya waye ya dawo bayan isha'i, kuma Asabar ɗaya ce tal yake da ita ta wanki da cefane da zumunci. Mutane da yawa suna tara duk abokansu a zama guda ne saboda ba su da lokacin bin kowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan dalili yana da sauƙin ganewa, domin mai shi haka yake yi wa kowa, maza da mata, kuma ba ya fifita wani a cikin taron. Abokin aikina ba ya cikin wannan sahu, tunda na sha jin ya tafi har Ikorodu shi kaɗai don ya duba wani abokinsa, tafiyar da take cinye yini guda.

Da na kai wa matar yayana maganar, sai ta yi dariya ta ce, "Ƙanwata, kina neman amsa a inda ba a ajiye ta ba. Mu a wurinmu ba a tambayar ko ya kai ki wani wuri ke kaɗai, ana tambayar ko ya nemi hanyar gidanku." Wannan magana ita ce ta gyara mini lissafin gaba ɗaya. Al'adarmu ta riga ta tanadi hanyar da namiji zai gana da mace su yi magana ta fahimtar juna ba tare da ya saɓa wa addini ko ya zubar mata da mutunci ba, wato ya nemi izinin magabatanta ya zo zance, su zauna a zaure ko a falo da sanin mutanen gida. Saboda haka addini da kunya suna bayyana dalilin da ya sa ba ya kai ki gidan abinci ku biyu, amma ba sa bayyana dalilin da ya sa bai tambayi sunan yayanki ko lambarsa ba, bai kuma turo wani babba ba. Mai tsoron Allah da gaske wanda yake da niyya, tsoron nan ne ma yake gaggauta kai shi ƙofar gida, domin ya fi kowa sanin cewa doguwar hira ta waya da raha a cikin taro ba su da wani matsayi. Zuwa gida shi ne kafin alƙalami, domin daga ranar sunansa ya shiga kunnen manya, kuma janyewa bayan haka tana da tsada.

Na yanke shawarar gwadawa sau ɗaya, ta hanyar da ba za ta kunyata kowa ba. Da ya zo da gayyata ta gaba, sai na ce masa, "Malam, na gode, amma Yaya ya fara tambayar su waye nake yawan fita da su. Yana gida ranar Asabar bayan la'asar, idan kana so ku gaisa." Na zaɓi kalmomin da gangan. Na ambaci rana da lokaci don kada maganar ta zama ta iska, na sanya ta a matsayin gaisuwa kawai don ya samu hanyar shiga ba tare da ya yi alkawarin komai ba, na kuma cire masa uzurin keɓancewa tunda gida ne cike da mutane. Abin da ake dubawa a irin wannan gwaji ba ƙin zuwa ba ne, domin kowa yana iya samun uzuri na gaskiya. Ana duba abin da ya biyo bayan ƙin. Mai niyya idan Asabar ba ta yi masa ba zai kawo Lahadi ko mako mai zuwa da bakinsa, zai kuma sake tayar da maganar ba tare da an tuna masa ba. Shi kuwa ya ce, "In sha Allahu, Malama, za mu duba," bai ambaci wata rana ba, ya yi shiru na mako uku, sannan ya dawo da gayyatar cin tsire, mu shida kamar yadda aka saba.

Daga baya, ta bakin wani dattijo a ofis, na ji abin da ke ƙasa, kuma ba abin da na zata ba ne. Ba wasa yake yi da hankalina ba, ba kuma wata aka yi masa alkawari a gida ba. Ɗaki ɗaya yake rabawa da wani abokinsa, yana ɗauke da karatun ƙannensa, kuma duk wanda ya nemi haya a Legas ya san cewa ana neman kuɗin shekara guda a dunƙule, ga kuɗin dillali ga na yarjejeniya, tun kafin a zo maganar sadaki da lefe. Ya san cewa idan ya zauna gaban yayana, tambaya ta biyu ko ta uku za ta kasance ina zai ajiye ni, kuma ba shi da amsa. Taron ya zame masa mafaka, inda zai ci gaba da ganina ba tare da an yi masa wannan tambayar ba. Na tausaya masa, har yanzu ma ina ganin girmansa, amma a ganina ya yi kuskure guda, domin da ya faɗa mini halin da yake ciki, da ni ce zan zaɓi jira ko tafiya. Shirun da ya yi ya ƙwace mini wannan zaɓi na tsawon wata takwas, a lokacin da mutane a ofis suka riga suka ɗauka an yi mini kamu.

Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne yadda dalilai mabambanta suke fitowa da fuska iri ɗaya. Mai so wanda ba shi da hali, da mai ajiye mace a gefe har ya ga ko wata za ta samu, da wanda kirki kawai yake yi wa baƙuwa a gari, dukkansu gayyatar taro za su yi, kuma daga waje ba za a iya bambance su da kallon ido ko yawan saƙo ba. Na ɓata dare da yawa ina fassara inda ya zauna da yadda ya yi murmushi, alhali tambaya ɗaya mai rana da lokaci ta ba ni a mako uku abin da wata takwas ba su ba ni ba. Ba ta gaya mini abin da ke zuciyarsa ba, amma ta gaya mini abin da zai iya ɗauka a lokacin, kuma shi ne abin da nake bukata don in san inda zan sa ƙafata.

Har yau muna aiki a bene ɗaya, muna gaisawa da mutunci. Idan an shirya fita nakan je wani lokaci, in biya kuɗin tsirena da kaina, in kuma tashi da wuri don in samu motar Agege kafin layi ya yi tsawo a Obalende.