Kalma ɗaya ta ishe ki

Wata uku ina ɗora bidiyon kilishinmu a TikTok daga nan Yamai, ana kallo, amma ciniki shiru. A ƙarshen kowane bidiyo sai in jero: ku bi ni, ku yi sharhi, ku tura wa 'yan'uwa, ku kira lambar da ke ƙasa. Roƙo huɗu cikin daƙiƙa biyar!

Yayata da ke Tawa ce ta buɗe min ido. Ta ce, "Ƙanwata, na kalla har ƙarshe, amma wallahi ban san wanne kike so in yi ba, sai na wuce."

Maganar ta tsaya min a rai. Mai kallo yatsansa na kan allo, yana shirin turawa sama. In ka ba shi zaɓi huɗu, wucewa ta fi masa sauƙi. Sai na tambayi kaina me nake nema. Masu saye nake nema, yawan mabiya bai taɓa biyan kuɗin nama ba.

Bidiyon da ya biyo baya daƙiƙa 30 ne. Na nuna shanya, tsomawa a labu, da gashi. A daƙiƙa huɗun ƙarshe na riƙe leda ɗaya na ce, "Mai so ya turo min kalmar KILISHI ta saƙo." Na kuma rubuta ta a allo saboda masu kallo ba sauti, can sama kaɗan, don sunan shafi da bayani suna rufe ƙasan bidiyo.

Daren nan saƙonni suka shigo, kowanne da kalmar, na san daga bidiyon suka zo. Biyu sun kwana ban amsa ba, da safe ɗaya ya riga ya saya a wani wuri. Wannan har yanzu yana min ciwo.