Ƙafar da ke tsayar da ni a hanyar Katako

A Sakkwato babur ne ƙafata. Da na dawo Yamai da zama ina taya ƙanen mahaifiyata sayar da kayan gini a kasuwar Katako, sai tafiyar ƙasa ta zame mini dole, don kuɗin tasi da sefa ba wasa ba ne ga mai lissafi da naira. A nan ciwon ya bayyana. In na yi 'yar tafiya sai sha-raɓar ƙafata ta dama ta ɗaure tamau. In na tsaya, ko zama ban yi ba, cikin minti biyu ko uku sai ta sake. In na ci gaba, tazarar dai ɗaya ce, ciwon ya dawo.

'Yan fadarmu, wurin shan shayi, suka ce sanyin ƙashi ne. Kawu ya ce, "Kai yaro, sanyi ba ya auna hanya. Tafi likita." Yaron nan kuwa ya haura hamsin.

Likitan ya laluba bugun jini a bayan idon sawuna da kan ƙafa, da ƙyar ya ji na dama. Ya kwantar da ni ya auna jinina a dantse, 14 (a nan haka suke faɗin 140), ya auna a idon sawu da wata 'yar na'ura mai sauraren gudun jini, 10. Ya raba 10 da 14, ya samu kusan 0.7. A mai lafiya awon biyu kusan ɗaya suke, daga 0.9 zuwa ƙasa kuwa alama ce jijiyar da ke kai jini ƙafa ta tsuke, kitse ya taru a bangonta. In kana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya wadatar. Da ka soma tafiya nama ya nemi ƙari, hanya ta gaza, sai ya yi ciwo. Ciwon da ke saukowa daga ƙashin baya daban ne, shi sai an zauna ko an sunkuya yake lafawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce kitsen nan ba ƙafa kaɗai yake zaɓa ba, jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa ma suna cikin haɗari. Taba ce kan gaba wajen jawo shi, sai ciwon suga da hawan jini. Ya raba ni da sigari, ya rubuta asfirin da maganin rage kitsen jini.

Sauran maganin tafiyar ce kanta: in yi ta har ciwon ya kama sosai, in tsaya ya lafa, in ci gaba, minti 30 zuwa 45, aƙalla sau uku a mako, wata uku kafin a duba bambanci. Ni bayan asuba nake yi, kafin ranar Yamai ta buɗe.

Ya kuma ja kunnena: in ciwon ya koma yatsu da dare ina kwance har sai na sako ƙafa ƙasa, ko gyambo ya ƙi warkewa, in dawo ba jira. In ƙafar ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, ta yi ciwo ko ta mutu, to a kai ni asibiti a take, ko da tsakar dare ne.