Yadda wankin masai ya kai 'yar yayata asibiti

Ruwan gidanmu na rijiyar burtsatse ne, kuma duk mai amfani da irinsa ya san jan dattin nan da ke kafewa a cikin masai na tangaran, daidai inda ruwa yake tsayawa. Wanki na yau da kullum ba ya fitar da shi. Ana gobe za mu yi baƙi, 'yar yayata da ke zaune a wurina ta ce za ta wanke banɗakin. Wata maƙwabciya ta taɓa gaya mata cewa in aka zuba maganin wankin masai mai kauri, aka bi shi da bilic, sai masai ya yi fari fat. Haka kuwa ta yi, ta rufe ƙofa, ta duƙa da buroshi.

Ina kicin na ji tari ba ƙaƙƙautawa. Na same ta dafe da bango, idanu jajur, hawaye na zuba, da ƙyar ta ce, "Anti, ƙirjina." Warin ya bugi hancina tun daga bakin ƙofa. Na jawo ta tsakar gida, na riƙe numfashi na koma na buɗe taga, na saki ruwa, na fito da gudu. Wata ta kawo manja, wata ta ce a ba ta madara. Na hana, domin abin huhu ya shiga, ba ciki ba. Muka yi ta wanke mata ido da ruwa kamar minti 15, da numfashin ya ƙi daidaita muka wuce asibiti. Sun sa mata iskar taimakon numfashi, suka riƙe ta har dare, saboda irin wannan yakan lafa sannan ya tsananta bayan wasu awoyi. Alhamdulillahi ta warke, amma har yau in na tuna shawarar nan raina yana ɓaci.

Bilic, wato irin su Hypo da Jik, kulorin ne a ɗaure cikin ruwa. Yawancin magungunan masai masu cire jan datti kuma asid ne, shi ya sa suke cin dattin. Da asid ya taɓa bilic, kulorin ɗin sai ya kuɓuce ya zama iska, ita ce kuwa iskar da aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba ta tashi sama, tana taruwa ne a cikin masai da ƙasan banɗaki, daidai inda yarinyar ta sa fuskarta. In ta haɗu da danshin ido da maƙogwaro da huhu, sai ta koma asid tana ƙona wurin. Mai asma da ƙaramin yaro sun fi shan wuya.

Abin da ya fi ba ni haushi, haɗin ko wanki ba ya yi. Biyun kashe ƙarfin juna suke yi. Jan dattin ma'adinan ruwa ne suka daskare, asid ne ke narkar da su, bilic ƙwayoyin cuta yake kashewa, wani lokaci ma yana ƙara wa tabon tsatsa duhu. Ashe ta shaƙi guba ne a banza.

Ba sai an haɗa su a bokiti ba. Yarinyar ma ɗaya bayan ɗaya ta zuba, ruwan da ke kwance a ƙasan masai ya haɗa mata su. Ruwan khal, lemon tsami, da asid ɗin nan da ake sayarwa a gorar da ba rubutu, duk abu ɗaya za su yi da bilic. Amoniya ma haka, wadda ke cikin wasu magungunan goge gilashi da kuma fitsarin da ya kwana. Ita wata iskar take fitarwa, kuloramin, mai sa tari da ciwon ƙirji. Shi ya sa fo ɗin yara sai na zubar na ɗauraye kafin bilic ya taɓa shi.

Yanzu na raba musu rana. Ranar asid, ina fara sakin ruwa, in zuba shi ƙarƙashin bakin masai, in bar shi minti 10 zuwa 15, in goge, in kora sau biyu. In tabon ya yi taurin kai, sai in tura ruwan ƙasan da buroshi ya ragu, don maganin ya zauna a kan tabon, in sake washegari. Ranar bilic kuma kaɗan nake sirkawa da ruwan sanyi, taga da ƙofa a buɗe. Gorar bilic ɗin ma na fitar da ita daga banɗaki gaba ɗaya, tana can wajen kayan wanki, kuma duk wanda zai taya ni aiki sai na gaya masa dalili kafin in miƙa masa buroshi.