Lissafin da na yi kafin ƙanena ya karɓi keke a kan biyan wata-wata

Ƙanena ya samu wani dila a nan Jos da zai ba shi keke napep ya riƙa biya wata-wata, yana jigila tsakanin Taminus da Farin Gada. Ni aka nema in tsaya masa, don haka na ce a ba ni takardar in kwana da ita.

Farashin keken idan lakadan za a biya naira 3,000,000 ne. Kafin alƙalami 600,000, sai 250,000 duk wata har wata 12. Na buga 250,000 sau 12, ya ba ni 3,000,000, na ɗora kafin alƙalamin, ya zama 3,600,000. Haka aka rubuta a gurbin jimilla, nan ba matsala. Ribar da suka ɗora ke nan 600,000, kuma takardar ta kira ta kashi 20 cikin 100.

A wannan kashi 20 ɗin na daɗe. An auna shi ne da 3,000,000, alhali ƙanena ya ajiye 600,000 tun ranar farko, abin da ake bin sa 2,400,000 ne. Idan ka auna 600,000 da wannan, ya koma kashi 25. Sannan bashin ba ya zama yadda yake har ƙarshen shekara, kowane wata raguwa yake yi. In ka raba shi daidai a kan watannin, kuɗin dila da ke hannun yaron bai wuce kamar 1,300,000 ba. Biyan 600,000 a kan wannan ya haura kashi 40 a shekara. Dilan bai musa ba, cewa ya yi: "Alhaji, kowa haka yake rubutawa." Ko riba za a kira shi ko kuɗin ruwa, wannan na bar wa malamai, amma aljihun da zai fito ɗaya ne.

A shafin baya kuma na tsinci 150,000 na inshora da na'urar bin sawu, ba a sa su cikin jimilla ba. Na sa aka rubuta a fili cewa abin da zai fita daga hannunsa 3,750,000 ne, da ranar biyan kowane wata.

Jimillar tana da wani amfani. Dokar irin wannan ciniki ta 1965 ta ce idan an biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin abin hawa, mai shi ba zai ƙwace ya mallake ba sai ta kotu. A kan 3,600,000, wannan 2,160,000 ne. Biyan wata na shida zai tsaya a 2,100,000, sai na bakwai ne zai tsallake. Na ce masa kowane biya ya yi ta banki, ya karɓi rasit, sannan muka sa hannu aka ba mu kwafinmu.