Takardar makin gasar gem ɗinmu ta daidaita, saura rukuni ɗaya

Alhamdu lillahi 'yan uwa, jiya da dare takardar lissafin maki da nake haɗawa a kwamfuta ta fitar da jerin gem da zan iya karewa a gaban kowa.

Rukunan ba su ba ni wahala ba. Na ɗauko huɗu daga na gasar ƙirƙirar gem ta Ludum Dare, wato daɗin wasa, bin jigo, zane da sauti, kowanne maki 1 zuwa 5. Abin da ya hana ni barci shi ne hannun alƙalai. Gem 24 ne, alƙalai shida, duk 'yan sa-kai, ba mai lokacin buga duka, don haka kowane gem mutum biyu ne ke duba shi. To akwai wata baiwar Allah mai sakin hannu, matsakaicin makinta 4.5. Akwai kuma wani malamin lissafi, nasa 2.5, kamar daga aljihunsa makin ke fita. Gem ɗin da ta ba 4 a wurinta bai kai ba, wanda shi ya ba 3.5 kuwa ya burge shi matuƙa, amma a takarda na farkon ne a sama.

Sai na riƙa cire matsakaicin kowane alƙali daga makin da ya bayar. Nata ya koma -0.5, nasa +1. Daɗi ya kama ni, amma bai daɗe ba. Idan ƙuri'a ta haɗa alƙali da gem masu kyau zalla, matsakaicinsa zai hau ko da ba shi da sakin hannu, kuma lissafin zai zalunci waɗannan gem ɗin. A gwaji na gan shi ƙiri-ƙiri: gem ɗin da kowa ke yabo ya faɗo tsakiya.

Maganin shi ne gem uku na gasar bara, mai kyau, matsakaici da mai rauni, kowane alƙali sai ya fara da su. Daga makinsu kaɗai ake auna nauyin hannunsa. A layin tsaye na A sunan alƙali, B gem, C maki, D kalmar "awo" a gaban waɗannan gem ukun:

```
=C2-AVERAGEIFS(C:C,A:A,A2,D:D,"awo")
```

Kowane rukuni da shafinsa, domin malamin nan a zane ne yake da tsanani, a sauti ba ruwansa. Farashin dai ya yi zafi: ƙarin kusan rabin awa ga kowa, ga data da sai da na saya wa mutum biyu daga aljihuna.

Daɗin wasa ne har yanzu ya gagare ni. Mai son gem na tunani da mai son na gudu da harbi ba tsanani ne ya raba su ba, ra'ayi ne, kuma ragi ba ya gyara wannan. Yanzu ina rubuta ma'anar kowane maki da abin da ake iya gani: 2, na ajiye kafin ƙarshe; 3, na gama; 5, na gama na sake bugawa ba wanda ya sa ni. Ta 4 ce ta ƙi fitowa. Wanda ke da jimlar da ta dace ya taimaka kafin Asabar.