Laraba, ranar asibitin Baffa

Har yanzu maganar da Baffa ya faɗa mini a bakin kwalbati ba ta bar ni ba.

Mun sauka a tasha a Garwa ƙarfe takwas da ɗan wani abu, likita kuma tara ya ce. 'Yan moto suka yi caa a kanmu, to ina za a ɗora mutum da kekensa na guragu? Na buɗe keken, na danne birki duka biyu kafin ya zauna, na gyara masa ƙafafu a kan matakan, na sa karnen asibiti da ruwa a cinyarsa. Jaka ba na rataye ta a baya, tana rinjayar keken.

Gefen hagu muka bi don in riƙa ganin abin da ke tahowa. Inda yashi ya yi yawa ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke yi, turawa da ƙarfi kuma ba ta fitar da su, sai dai ta tunkuɗa mai zama gaba. Sai in taka ƙarfen nan na ƙasa ta baya, in ɗaga gaban, manyan tayoyi su ɗauki nauyin. Hawa dakali ta gaba, sauka kuwa da baya, ni a ƙasa ina tare shi. Duk wannan hannuna ya saba.

A kwalbatin ne na yi kuskure. Murafen siminti biyu sun rabu, tsakaninsu ya kai faɗin tafin hannu, daidai inda ƙaramar taya za ta faɗa. Na hango a makare, ga moto a bayana yana oda, kawai na kantara keken baya ban ce komai ba. Baffa ya zabura, ya kai hannu zai kama taya. Saura kaɗan yatsunsa su shiga tsakanin wayoyin. Wani saurayi ya rugo ya cafki matakin ƙafa zai ɗaga, na ce a'a, wannan cirewa yake yi, ya kama jikin ƙarfen keken.

Da muka tsallake, Baffa bai juyo ba. Ya ce, "Ni ba buhun gero ba ne. In za ka ɗaga, ka faɗa mini in shirya."

Na ce, "Ku yi haƙuri, Baffa."

Wata takwas ina tura shi. Shi ba ya ganin fuskata, ba ya ganin ƙafata, sai dai ya ji ƙasa ta kuɓuce masa. Sau nawa na yi masa haka ya yi shiru?

Sauran hanyar ina ta sanarwa: zan ɗaga, za mu sauka da baya, ga rami. Shi kuma ya naɗe hannuwa a cinya ya ce, "Bismillah."

Mun isa saura minti goma. Layi. An canza magani ɗaya. Rana ta gasa ƙarfen keken, gobe zan naɗa tsumma a wurin ɗora hannu. Tayar dama ma tana son iska.

Bai sake tayar da maganar ba, ko da Inna ta tambaye shi ya hanya.